Alamomin Bibiya a Adireshin Intanet: Abin da Suke Adanawa da Hanyar Cire Su Kafin Yaɗawa

Tsakure

Wannan muƙala ta yi nazarin ƙarin haruffa da lambobin da ake liƙawa a ƙarshen adireshin intanet domin bibiyar masu latsa shi. An rarrabe su gida biyu: alamomin da ke bayyana hanyar da mai ziyara ya biyo, da alamomin da ke nuna mutum guda ko latsawa guda. An ɗauki adireshi ɗaya na sanarwar taro a matsayin misali, aka warware shi gaɓa-gaɓa, aka nuna abin da kowace gaɓa take ɗauke da shi, da wadda za a cire da wadda za a bari. Daga ƙarshe an bayyana wuraren da wannan tsaftacewa ba ta da tasiri.

Muhimman kalmomi: adireshi, jela, bibiya, tsaftacewa, madogara

1.0 Gabatarwa

Manazarcin Hausa a yau yana kafa hujja da abubuwan da ke intanet kamar yadda yake kafa ta da littafi. Waƙar baka tana YouTube, muhawarar marubuta tana Facebook, sanarwar taron ƙara wa juna sani kuma tana zuwa ta imel, daga nan a tura ta zaurukan WhatsApp na sashe ko na ƙungiya. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai ana kwafar adireshi daga wuri a liƙa shi a wani wuri, kuma galibi ana kwafar sa ne da duk abin da ke rataye a jikinsa.

Abin da ke rataye ɗin yana da sakamako iri uku. Na farko, yana iya danganta duk wanda ya latsa adireshin da mutumin da ya fara karɓar sa. Na biyu, yana gurɓata ƙididdigar masu shafin, domin ziyarar da ta zo ta wata hanya za a rubuta ta a ƙarƙashin wata. Na uku, yana tsawaita madogarar da aka sa a bincike da haruffan da ba su da alaƙa da abin da aka ambata. Manufar wannan muƙala ita ce mai karatu ya iya duban adireshi ya gane abin da yake ɗauke da shi, ya kuma tsaftace shi ba tare da ya lalata shi ba.

2.0 Ƙirar Adireshi

Adireshin intanet yana da tsari tsayayye, kamar yadda jimla take da nata. Farkonsa yana nuna ƙa'idar sadarwa da sunan gidan da shafin yake, sai hanyar da ke kai wa ga shafin a cikin gidan. Idan alamar tambaya ta biyo baya, duk abin da ke bayanta shi ne abin da wannan muƙala za ta kira jela. Jela tana ƙunshe da gaɓoɓi, kowace gaɓa tana da suna da ƙima, alamar `=` tana tsakaninsu, alamar `&` kuma tana raba gaɓa da gaɓa. Wani lokaci alamar `#` takan zo a ƙarshe, abin da ke bayanta yana nuna wani sashe na cikin shafin. Wannan sashe na ƙarshe burauza ce take amfani da shi, ba a aika shi zuwa kwamfutar da ke ɗauke da shafin.

An ƙirƙiri jela ne domin aiki na halal. Da ita shafi yake sanin wane bidiyo ake nema, ko wace kalma aka bincika, ko a wane harshe za a nuna rubutu. Sai dai shafi yakan yi watsi da gaɓar da bai san da ita ba, ya buɗe kamar babu ita. Wannan sassauci ne ya ba masu talla damar liƙa nasu gaɓoɓin a kowane adireshi, ba tare da abin da mai ziyara yake gani ya sauya ba.

3.0 Alamomin da ke Bayyana Hanya

Mafi shahara a wannan rukuni su ne gaɓoɓin da sunansu ya fara da `utm_`. Sun samo asali daga kamfanin Urchin, wanda Google ya saya a shekarar 2005 ya gina Google Analytics a kan manhajarsa. Gaɓoɓin asali guda biyar ne. `utm_source` tana faɗin inda aka ajiye adireshin, `utm_medium` tana faɗin nau'in hanyar, kamar imel ko tallan da aka biya, `utm_campaign` kuma tana ɗauke da sunan da mai tallan ya raɗa wa yekuwarsa. Sauran biyun, `utm_term` da `utm_content`, suna rarrabe kalmar da aka sayi talla a kanta, da kuma maɓalli ko hoton da aka latsa idan sanarwa ɗaya tana da fiye da ɗaya.

Waɗannan gaɓoɓi sun yi kama da hatimin da gidan waya yake bugawa a kan ambulan, wanda ke nuna daga ina wasiƙa ta taso. Mai yekuwar ne yake rubuta ƙimarsu, kuma a al'ada ƙima ɗaya ce ga dukkan waɗanda aka aika wa sanarwar. Idan mutum dubu suka karɓi wasiƙa ɗaya, dukkansu za su ga `utm_source` iri ɗaya. Saboda haka, a yawancin lokaci, ba su nuna mutum guda. Duk da haka babu abin da ya hana mai aikawa ya sa lambar mai karɓa a cikin `utm_content`, don haka duba ƙimar ya fi dogaro da sunan gaɓar. Ƙimar da ake iya karantawa a matsayin kalma tana bayyana yekuwa ne, ita kuwa doguwar cakuɗar haruffa da lambobi tana buƙatar a yi mata kallon tsanaki.

4.0 Alamomin da ke Nuna Mutum ko Latsawa

Rukuni na biyu na'ura ce take samar da shi, kuma ƙimarsa takan bambanta daga mutum zuwa mutum ko daga latsawa zuwa latsawa. Google Ads yana ƙara `gclid` ga adireshin da aka isa gare shi ta latsa talla. Facebook ya fara ƙara `fbclid` a shekarar 2018 ga adireshin da aka latsa daga dandalinsa zuwa waje. Mailchimp, wanda ƙungiyoyi da yawa suke aika wasiƙun labarai da shi, yana iya ƙara `mc_cid` da `mc_eid`, ta farko tana nuna wasiƙar, ta biyu tana nuna mai karɓar ta a jerin sunayen mai aikawa. Maɓallin rabawa na YouTube yana ƙara `si`, na Instagram kuma yana ƙara `igsh`, ko `igshid` a tsofaffin adireshi.

Ya kamata a fahimci yadda adanawar take faruwa. Gaɓar da ke jela ba ta iya karanta abin da ke cikin waya, kuma babu suna ko lambar waya a rubuce a cikinta. Aikinta ya yi kama da na lambar rasit, wadda ba ta da ma'ana ga wanda ya tsince ta a hanya, amma tana buɗe cikakken bayani a littafin wanda ya bayar da ita. Idan aka latsa adireshi, burauza tana aika hanyar da jelar gaba ɗaya zuwa kwamfutar shafin, tare da abin da takan aika a kowace ziyara: lambar haɗin intanet ta na'urar, wadda ake iya ƙiyasta gari ko yanki daga gare ta, da nau'in burauza da na na'ura. Kwamfutar tana rubuta lokacin ziyarar. Idan shafin yana ɗauke da ƙaramar manhajar ƙididdiga ta Google ko ta Meta, ita ma tana karanta jelar ta aika wa kamfaninta.

Misalin `fbclid` ya isa ya nuna tsawon rayuwar alamar. Idan shafin da aka isa yana amfani da Meta Pixel, ana kwafar ƙimar `fbclid` a ajiye ta cikin burauzar mai ziyara a wani ƙaramin fayil na kuki mai suna `_fbc`, tare da lokacin da aka ajiye ta. Daga nan abin da mai ziyara ya yi a shafin, kamar cika fom ko biyan kuɗi, ana iya haɗa shi da wannan latsawa, ko da jelar ta ɓace daga adireshin shafukan da ya buɗe daga baya.

5.0 Warware Misali Guda

A ƙaddara cewa wata ƙungiyar masana ta aika sanarwar taro ta imel, wani malami ya latsa maɓallin sanarwar, shafi ya buɗe, sai ya kwafi abin da ke saman burauzarsa domin ya tura wa zauren sashensu. An yi amfani da sunan gida na gwaji, ƙimomin ma na misali ne:

```
https://example.org/taro/index.php?id=214&lang=ha&utm_source=wasika&utm_medium=email&utm_campaign=taron_adabi&mc_cid=3f9a1c07be&mc_eid=8d21e4b6aa#jadawali
```

Jelar wannan adireshi tana da gaɓoɓi bakwai. Biyun farko na aiki ne: `id=214` ita ce take gaya wa shafin wane taro ake nufi, `lang=ha` kuma tana neman a nuna shi da Hausa. Ukun da ke biye suna cewa ziyarar ta zo daga wasiƙa, ta hanyar imel, a yekuwar taron adabi. Ta shida tana nuna wasiƙar da aka aika, ta bakwai kuma tana nuna malamin da kansa a littafin mai aikawa. Abin da ke bayan `#` yana kai mai karatu kai-tsaye zuwa sashen jadawali.

Idan malamin ya tura adireshin yadda yake, kuma abokan aiki arba'in suka latsa, ƙididdigar ƙungiyar za ta nuna ziyara arba'in daga imel, alhali ta WhatsApp suka zo. Masu shirya taron za su ɗauka wasiƙarsu ce ta jawo mutane, su tsara sanarwar baɗi a kan wannan fahimta. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne dukkan ziyarar arba'in suna ɗauke da lambar mutum ɗaya, daga na'urori da garuruwa daban-daban. Wanda ke riƙe da bayanan zai iya gane cewa wannan malami ne ya yaɗa sanarwar, da kusan yawan waɗanda ta kai gare su. A sanarwar taro illar ba ta da yawa. Amma idan abin da aka tura takardar koke ce, ko rahoto ne a kan wani rikici da manazarci yake bincike a kansa, sanin wanda ya yaɗa shi ba ƙaramin al'amari ba ne.

Tsaftacewar tana da matakai huɗu. Da farko a liƙa adireshin a wurin rubutu inda za a gan shi gaba ɗaya, domin burauzar waya takan ɓoye mafi yawansa. Na biyu, a nemo alamar tambaya, a raba abin da ke bayanta a kowace `&`. Na uku, a goge gaɓoɓin bibiya, kowace tare da alamar `&` da ke gabanta, a bar na aiki da abin da ke bayan `#`. Abin da zai rage shi ne:

```
https://example.org/taro/index.php?id=214&lang=ha#jadawali
```

Mataki na huɗu shi ne gwaji. A buɗe adireshin da aka tsaftace a tagar sirri ta burauza, inda mutum bai shiga asusunsa ba. Idan shafin da ake nufi ya buɗe, an gama. Idan aka faɗa shafin farko na gidan, ko aka ga saƙon kuskure, to an cire gaɓar aiki, sai a mayar da gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya har a gano wadda shafin yake buƙata.

6.0 Kurakuran da Aka Fi Yi

Shawarar da ta fi yawo ita ce a goge duk abin da ke bayan alamar tambaya. Tana aiki a shafukan da hanyarsu ta riga ta ƙunshi sunan rubutun, kamar yawancin jaridu, amma a misalin da ya gabata za ta share `id=214`, taron ya ɓace. YouTube ma haka yake, domin yana da siffofin adireshi biyu:

```
https://youtu.be/LAMBA?si=ALAMA&t=95
https://www.youtube.com/watch?v=LAMBA&t=95
```

A siffa ta farko lambar bidiyon tana cikin hanya, don haka cire `si` ba ya hana shi buɗewa. A ta biyu lambar tana cikin jela, a gaɓar `v`, kuma idan aka goge ta babu bidiyo. Gaɓar `t=95` tana sa a fara daga daƙiƙa ta 95, abin da mai nazarin waƙa yake buƙata idan yana nuni ga wani ɗiya na musamman. Akwai kuma ƙaramin tarko a siffa ta farko: idan aka cire gaɓar da ke biye da alamar tambaya, dole gaɓar da ta rage ta maye gurbinta, wato a rubuta `?t=95`, kada a bar `&t=95` babu alamar tambaya a gabanta.

Kuskure na biyu ya shafi masu rubutu da Hausa kai-tsaye. Haruffa masu lanƙwasa sukan rikiɗe idan aka kwafi adireshi, su koma alamar kaso da lambobi: ƙ takan zama `%C6%99`, ɗ ta zama `%C9%97`, ɓ kuma ta zama `%C9%93`. Ana yawan ganin haka a adireshin maƙalolin Wikipedia ta Hausa. Wanda bai sani ba zai iya ɗaukar su a matsayin alamomin bibiya ya goge su, alhali harrufan kalmar ne a wata sura. Ma'aunin a nan shi ne matsayi: abin da ya zo kafin alamar tambaya yana cikin sunan shafin, ba a taɓa shi.

Na uku, akwai adireshin da jelarsa mabuɗi ce. Adireshin sauke fayil daga ma'ajiya, ko na shiga taron bidiyo, ko na sauya kalmar sirri, yakan ɗauki gaɓa irin `token` ko `pwd` ko `signature`. Cire ta yana hana shi aiki, barin ta kuma yana ba duk wanda ya same shi damar shiga. Irin wannan adireshi ba a sa shi cikin madogara, ba a kuma tura shi zauren jama'a sai da izinin mai shi.

7.0 Kayan Aiki da Iyakarsu

Wasu burauzoji sun ɗauki wani ɓangare na aikin. Firefox ta fara cire wasu sanannun alamomi, har da `fbclid` da `mc_eid`, a fitowarta ta 102 a shekarar 2022, ga wanda ya zaɓi matakin kariya mai tsauri. A fitowa ta 120, a shekarar 2023, ta ƙara zaɓin kwafar adireshi ba tare da bibiya ba, wanda daga baya aka sa masa suna `Copy Clean Link`. Brave ma tana da zaɓi mai wannan suna. Apple ya shigar da irin wannan kariya a iOS 17 a shekarar 2023, a manhajojin Mail da Messages da tagar sirri ta Safari, inda ake cire alamomin da ke nuna mutum, a bar irin su `utm_`. Dukkan waɗannan suna aiki ne da jerin sunayen da aka riga aka sani, don haka sabuwar alama, ko wadda wani gida ya raɗa wa suna na kansa, takan wuce ba a taɓa ta ba.

Iyaka mafi girma ita ce adireshin da ba shi da jelar da za a cire. Maɓallin da ke cikin wasiƙar labarai galibi ba ya kai wa ga shafin kai-tsaye. Yana fara bi ta kwamfutar kamfanin da ya aika wasiƙar, a rubuta latsawar da sunan mai karɓa, sannan a tura shi gaba. Saboda haka tura wasiƙar gaba ɗaya ga wasu yana sa a rubuta latsawarsu a kan wanda aka aika wa tun farko, kuma maɓallin daina karɓar wasiƙa da ke ƙasanta nasa ne, kowa na iya latsa shi. Haka gajerun adireshi suke, irin na `vm.tiktok.com` da na `facebook.com/share/`, inda alamar take cikin hanyar kanta. Mafita ita ce a buɗe adireshin a burauza, a jira ya isa masaukinsa na ƙarshe, a kwafi wannan, sannan a bi matakai huɗun da aka ambata. Latsawar mai tsaftacewa ta riga ta shiga littafi, amma ta waɗanda zai tura wa ba za ta bi ta kansa ba.

A kuma lura cewa cire jela ba ya ɓoye mai ziyara. Shafin zai ga lambar haɗinsa da nau'in na'urarsa, kukin da ke burauzarsa yana nan, kuma idan ya shiga asusunsa an san ko shi wane ne. Abin da tsaftacewa take yankewa shi ne igiyar da ke tsakanin wanda ya tura da wanda ya karɓa, da kuma tsakanin ziyarar da yekuwar da ta haifar da adireshin.

8.0 Kammalawa

Muƙalar ta nuna cewa jelar adireshi tana haɗa gaɓoɓin aiki da na bibiya a layi ɗaya, kuma rarrabe su yana bukatar karanta kowace gaɓa da gwada sakamakon a tagar sirri. Ga marubuta da editocin mujallu, wannan yana nufin a duba kowane adireshi da ke cikin muƙala kafin bugawa, domin abin da aka buga da `mc_eid` ko `fbclid` zai ci gaba da ɗauke da alamar muddin muƙalar tana nan. Inda rubutun da aka ambata yake da lambar DOI, adireshin da ya fara da `https://doi.org/` ya fi dacewa da madogara, domin ba ya bukatar jela, kuma yana ci gaba da aiki ko mawallafi ya sauya wa shafin wuri, matuƙar ya sabunta rajistarsa. Inda babu ita, a sa adireshin da aka tsaftace, a bar masa gaɓoɓin da ke kai mai karatu ga ainihin shafi ko daƙiƙar da aka kafa hujja da ita, tare da ranar da aka ziyarce shi.